Lita ɗaya ta madara: kurakuran da ake yi wajen awon gari da ruwa

Masu dama madarar gari a nan Gusau, ko masu yogot ne ko masu fura ko uwar gida da ke haɗa wa yara ta safe, yawanci matsalarsu ɗaya ce, awo. Bari in fara faɗin lissafin tukuna: idan madara mai cikakken mai ce, wadda ake rubuta Full Cream a jikin gwangwani ko buhu, giram 130 na gari da ruwa mililita 900 su ke ba da lita ɗaya. Wasu kamfanonin suna rubuta 125, bambancin ba shi da yawa, abin da aka rubuta a jikin naki shi za ki bi.

Dalilin wannan adadi kuwa, madarar saniya in an tatso ta kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ne, sauran kusan 13 su ne mai da furotin da sukarin madara da sinadarai, kamfani ruwan kawai ya busar ya bar miki gari, to aikinki shi ne ki mayar da ruwan da aka cire, ba ƙari ba ragi. Lita ɗaya ta madara nauyinta kusan giram 1030 ne, ki haɗa 130 da 900 ki gani, daidai suka faɗa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a auno ruwa cikakkiyar lita ɗaya sannan a zuba gari a kai. Garin nan shi ma yana cin wuri fa, ba ɓacewa yake yi ba don ya narke, giram 130 ɗin nan zai ɗaga ruwan da kusan mililita 100. Kenan abin da za ki samu lita ɗaya ce da ɗoriya kuma ya tsinke. A kofin shayi ba lallai a gane ba, amma mai yogot za ta gane da safe in ta buɗe bokiti ta tarar bai kama da kyau ba, ruwa ya kwanta a sama, sai ta hau zargin irin yogot ɗin da ta zuba ko sanyin hunturu alhali tun wajen awo aka samu matsala. Gyaran mai sauƙi ne, ki samu jug mai layin awo, ki dama garin da ruwa kaɗan, sannan ki ƙara ruwa har ya kai layin lita ɗaya ki tsaya. Amma ki jira kumfa ya kwanta kafin ki duba layin, don kumfa na ruɗi, sai ki ga kamar ya kai alhali da saura.

Akwai wani kuma da ya fi wannan muni, kuma shi ne ya fi damuna don mutane da gaskiyarsu suke yi. Sun ji ana cewa ɗaya bisa bakwai, wato gari ɗaya ruwa bakwai, sai su ɗauki kofi su auna gari kofi ɗaya ruwa kofi bakwai. Wannan lissafin na nauyi ne, na sikeli, 130 sau bakwai 910 kenan. Gari ba shi da nauyin ruwa, kofin da zai ɗauki ruwa giram 250 in kika cika shi da garin madara kusan rabin haka zai ɗauka. To kofi ɗaya da kofi bakwai ya zama kin zuba ruwa kusan ninki biyu na abin da ya kamata, farin ruwa kawai kika haɗa. In da kofi za ki auna, gari kofi ɗaya shafaffe, ruwa kofi uku da rabi zuwa huɗu.

Shi kansa awon kofi ko gwangwani ko tiya ba abin dogaro ba ne sosai. Garin da aka danna da wanda aka zuba sakwa-sakwa ba ɗaya ba ne, mai tozo da shafaffe ba ɗaya ba, kuma garin wani kamfani ya fi na wani nauyi a gwangwani ɗaya. Ni shawarata ga duk mai sana'a ta sayi ɗan sikelin kicin mai batir. In babu hali yanzu, ki je wajen mai sikeli a kasuwa sau ɗaya a auna miki giram 130 na irin garin da kike saye, ki zuba a kofinki ki yi alama inda ya tsaya, shi kenan kin samu ma'auni, sai dai in kin canza kamfani ki sake.

Mu ɗauki mai yogot a Tudun Wada da ke son lita 10. Gari kilo ɗaya da giram 300, ruwa lita 9. In da ruwan leda take aiki mai 50cl, leda 18 kenan, amma ta juye guda biyu a jug ta gani ko sun kai lita, don ba kowace leda ke cika ba. Abin da aka saba yi shi ne a ce kilo ɗaya lita goma, lissafi mai daɗin riƙewa, amma kilo ɗaya lita bakwai da rabi da ɗan kai yake bayarwa, in kika tilasta masa ya yi goma to garin da ke ciki ya sauko zuwa kusan kashi 9 ko 10 cikin ɗari maimakon kusan 13. Yogot ma in ana son mai kauri ƙara gari ake yi, kamar giram 150 a kowace lita. Da wannan lissafin buhu mai kilo 25 bai wuce lita 190 da 'yan kai ba, gwangwani mai giram 400 kuma lita uku, ki yi lissafin ribarki a kan haka, kada ki nemo ta a cikin ruwa, kwastoma harshensa na ganewa.

Ba duk gari ne 130 ba. Wadda aka cire wa mai, Skimmed, kusan giram 100 ne da ruwa mililita 950, tunda babu mai a ciki. Wadda aka rubuta Fat Filled an cire man saniya an sa man itace, awonta kusa yake da na mai cikakken mai amma ɗanɗano daban. A kasuwa in an buɗe buhu ana aunawa duk fari ne, ki ce Alhaji nuna min jikin buhun, ba rashin kunya ba ne.

Sai maganar gudaji. Ruwan firji ko na randa mai sanyi ba ya narkar da man da ke cikin garin, tafasasshe kuma yana dafa bayan garin ya dunƙule cikinsa a bushe. Ruwa mai ɗumi ake so, kamar digiri 40 zuwa 50, wanda za ki iya riƙe kofinsa ba ƙuna. Ki tafasa ruwan tukuna ki bar shi ya huce, kuma bayan ya huce za ki auna 900 ɗin, don tafasa na rage shi. Ki zuba gari a kan ruwa kaɗan-kaɗan kina juyawa, ki bar shi minti 20 ko 30 ya jiƙa, ɗanɗanon gari-garin nan zai ragu.

Da zarar an dama ta koma ɗanyar madara, a zafin Maris da Afrilu na nan kada ta wuce awa ɗaya zuwa biyu a waje, in babu wuta ki dama iya wadda za a sha, kofi ɗaya mai mililita 250 giram 32 ne na gari. Wannan lissafin duka bai shafi madarar jarirai ba, ita cokalinta na cikin gwangwani da awon da aka rubuta za a bi, kuma madarar gari ta manya ba a shayar da jaririn da bai kai shekara ɗaya da ita ba.