Darasi na Shida: Wa Za a Ɗora a Kan Magani Tun Kafin Ciwo Ya Kada Shi?

A ƙaramin asibiti a Sakkwato, inda layi yake da tsawo kuma gwajin jini yake da tsada, ba kowa za a tura gwaji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jadawali mai launuka a 2019 domin irin wannan wuri. Yana nuna yiwuwar mutum mai shekara 40 zuwa 74 ya gamu da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki cikin shekara goma masu zuwa. Iri biyu ne: mai buƙatar gwajin jini, da wanda ba ya buƙata. Kowane yanki da nasa, don haka a tabbatar na Afirka ta Yamma ne a kan tebur.

Akwai waɗanda ba a buɗe musu jadawalin ma. Wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya ya riga ya shiga babban haɗari, magani yake buƙata. Haka wanda awon hawan jininsa ya kai 160 bisa 100. Mai ciwon suga kuwa kada a auna shi da jadawalin da ba ya buƙatar gwaji, domin zai nuna haɗarinsa ƙasa da yadda yake.

Ga sauran mutane, abu biyar ake nema: shekaru, namiji ne ko mace, shan taba, lambar sama ta awon jini, da nauyi gwargwadon tsayi. Mu ɗauki wani dattijo mai shekara 62 da yake shan sigari. Ya tako cikin rana, saboda haka sai a ce masa, "Baba, ku zauna ku huta tukuna." A ba shi minti biyar, ya jingina baya, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ba hira. A tambaye shi ko ya ci goro ko ya sha taba cikin rabin awar da ta wuce, don suna ɗaga awo. A duba abin ɗaura hannun kuma: idan ya yi wa damtse kaɗan, lambar za ta hau ba gaira ba dalili. An auna sau biyu, an sami 154 da 150, tsakiyarsu 152.

Nauyinsa kilo 78, tsayinsa mita 1.70. Sai a lissafa nauyi gwargwadon tsayi, abin da jadawalin ya rubuta da BMI:

```
78 ÷ (1.70 × 1.70) ≈ 27
```

Yanzu a nemi ɓangaren maza masu shan taba, a gangara zuwa shekara 60 zuwa 64, a bi layin 140 zuwa 159 har ya haɗu da na BMI 25 zuwa 29. Nan ake yawan kuskure wajen taba. Wanda ya ce ya daina, a tambaye shi yaushe. In bai cika shekara guda ba, har yanzu cikin masu sha ake sa shi.

Kore yana nufin ƙasa da kashi 5 cikin 100. Ruwan ɗorawa daga 5 zuwa ƙasa da 10, ruwan goro daga 10 zuwa ƙasa da 20, ja daga 20 zuwa ƙasa da 30, ja mai duhu 30 zuwa sama. A ce yatsa ya sauka a ruwan goro, kan lamba 15. Kada a ce wa Baba "kashi 15", ba zai kama ba. A ce masa, "Cikin mutum 100 masu irin yanayinku, kusan 15 wannan ciwo zai samu kafin shekara goma."

To, me za a ba shi? Tun da ya kai kashi 10, shi ne ya cancanci a kashe kuɗin gwajin suga da na kitsen jini a kansa, sannan a sake dubawa a jadawalin da ke aiki da sakamakon gwaji. Awon jinin kuma a maimaita shi wata rana. In ya sake kai 140 bisa 90, a fara masa maganin hawan jini, amlodifin miligiram 5 sau ɗaya a rana, komai launin da ya faɗa, ya dawo bayan wata guda. Maganin rage kitsen jini, wato sitatin, sai in sabon lissafin ya haura kashi 20, ko gwaji ya nuna yana da suga, domin mai suga da ya kai shekara 40 ana ba shi. Mace mai ciki ba a ba ta sitatin.

Asfirin ne ya kamata a yi hattara da shi. Mutane da yawa suna sayensa a kemis da sunan kariya, alhali ga wanda bai taɓa kamuwa ba yana iya sa ciki ya zubar da jini, amfanin kuma kaɗan ne. Ba a ba Baba shi.

Kafin ya tashi a nuna masa ɓangaren marasa shan taba, a kan shekarunsa da awonsa, ya ga da idonsa yadda lambar ta sauka. A rubuta launin da ranar dawowa a katinsa. In ya zo yana kukan ciwon ƙirji, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, a ajiye jadawali a tura shi babban asibiti nan take.