Yadda ake lissafin karo: fara da momentom, kuzari daga baya

Na daɗe ina yi wa 'yan aji shida na sakandare lesin ɗin fiziks a nan Katsina, kuma duk shekara a wuri ɗaya suke faɗuwa. Da sun ga tambayar karo sai su rubuta cewa kuzarin motsi kafin karo daidai yake da na bayan karo. Wannan ba ya tabbata sai a karo ilastik. Momentom, wato nauyin abu sau gudunsa, shi ne ba ya canzawa a kowane irin karo, muddin wani ƙarfi daga waje bai shiga ba. Dalili kuwa dokar Newton ta uku: abubuwa biyun suna tura juna da ƙarfi iri ɗaya, ta fuskoki masu adawa, cikin lokaci ɗaya, don haka abin da wannan ya rasa shi wancan ya samu. Kuzari kuwa yana da hanyoyin zurarewa: lanƙwasar ƙarfe, zafi, ƙara.

Mu ɗauki kurar mai ruwa a Ƙofar Ƙaura. Jarka goma masu lita 25, kilo 250 ke nan, a ce kurar kanta kilo 50, jimla 300. Ta kuɓuce tana gudun mita 4 a daƙiƙa, ta daki wata mai kilo 100 da ke tsaye, suka sarƙe suka tafi tare.

Da farko ka zana kibiya a takardarka, ka ce nan ne gaba. Ni ba na duba aikin da babu kibiya. Sannan ka nemi kalmar da ke nuna irin karon. In an ce sun manne ko sun tafi tare, gudu ɗaya gare su bayan karo, momentom kaɗai ya ishe ka:

```
300×4 + 100×0 = 400×v
v = 3 m/s
```

Yanzu ne za ka taɓa kuzari, kuma lissafa shi za ka yi gefe-gefe, ba daidaitawa ba:

```
½×300×4² = 2400 J
½×400×3² = 1800 J
```

An rasa jul 600. Ba ɓacewa suka yi ba, sun tafi wajen lotsa ƙarfe, da ƙarar da aka ji, da ruwan da ya girgiza a jarka.

To ga inda na sha kaye ni kaina lokacin ina ɗalibi, shi ya sa nake daɗewa a kai. A ce ƙaramar kurar ba tsaye take ba, tahowa take gaba da gaba da gudun mita 4. Momentom yana da fuska. Tunda ta saɓa wa kibiyarka, gudunta -4 ne:

```
300×4 + 100×(-4) = 400×v
v = 2 m/s
```

Wanda ya manta alamar ragi zai haɗa 1200 da 400, ya raba da 400, ya samu 4. Tsaya ka dubi wannan amsa da idon basira. Kura ta yi taho-mu-gama da wata, ta ɗauke ta, amma gudunta bai ragu ko kaɗan ba? Ko yaron da ke tura kura ya san ba haka ba ne. Kuzarin ma zai tona asiri: kafin karo 2400 da 800, wato 3200, kuma da amsar kuskure bayan karo 3200 zai sake fitowa, alhali abubuwan da suka manne dole su yi asara. Da amsar gaskiya 800 ne kawai ya rage, 2400 sun tafi.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, su kai alamar ragin cikin kuzari, su cire 800 daga 2400. A'a. Kuzari ba shi da fuska, -4 sau -4 sha shida ne. Hattara da kalkuleta a nan, in ba ka sa -4 cikin baka ba, -16 za ta ba ka.

Sai ilastik. Kurar ruwa ba ta yin sa, ƙwallayen sunuka ne ke kusantarsa, amma mu riƙe lambobin misalin farko. Gudu biyu ake nema, v₁ na babbar da v₂ na ƙaramar, don haka lissafi biyu ake bukata. Kada ka shiga dogon lissafin kuzari a ɗakin jarrabawa, yana cin lokaci da takarda. A karo ilastik kan layi ɗaya, gudun da suka kusanci juna da shi, da shi suke rabuwa:

```
300v₁ + 100v₂ = 1200
v₂ - v₁ = 4
```

Babbar ta koma mita 2, ƙaramar ta harba da mita 6. Gwada kuzari: 600 da 1800, ga 2400 ɗinka cif.

In tambaya ta ba ka gudun kowanne bayan karo ta ce faɗi irinsa, kada ganin sun rabu ya sa ka ce ilastik ne, yawancin masu rabuwa ma suna asara. Lissafa kuzarin gefe biyu ka kwatanta. In na baya ya fi na farko kuma ba a ambaci fashewa ko sifirin na ƙarfe ba, koma ka duba alamominka.