Yadda ake bambance jinin shigar ciki da jinin al'ada

Wata amarya a layinmu nan unguwar Nima a Accra ta ga ɗigon jini a kamfanta ranar 24 ga wata, ta ɗauka al'ada ce ta yi mata sammako, har ta ajiye salla. Kwana biyu jinin ya ɗauke. Da irin wannan ta same ki, fara da lissafin kwanaki kafin ki duba launi.

Ki tuna ranar da al'adarki ta baya ta fara. Ita amaryar tata ta fara 1 ga wata, kuma kwana 28 take yi tsakanin wata al'ada da wata. Ke nan ƙwanta ya fita wajen 14 ga wata, al'ada ta gaba kuma sai 29. Ƙwan da ya haɗu da maniyyi yakan ɗauki kwana 6 zuwa 12 kafin ya maƙale a bangon mahaifa, wato tsakanin 20 da 26 a lissafinta. Maƙalewar nan ce ake danganta ɗigon da ita. To 24 ta faɗa tsakiyar wannan lokaci, saura kwana biyar al'ada ta zo. Sai dai lissafin nan na mai tsayayyar al'ada ne. Wadda tata ke gaba da baya, ba zai yi mata aiki sosai ba.

Daga nan ki sa farar audugar mata ki duba. Jinin shigar ciki ruwan hoda ne mai haske, ko ruwan ƙasa kamar tsatsa. Na al'ada ma yakan fara da ruwan ƙasa, nan ne mata da yawa ke ruɗewa, amma kafin kwana guda ya koma ja sosai.

A ganina yawan jinin ya fi launi faɗin gaskiya. Al'ada ƙaruwa take yi, ta jiƙa auduga, wani lokaci da guda-guda, ta yi kwana 3 zuwa 7. Jinin shigar ciki kuwa ɗigo ne, sau da yawa sai kin goge za ki gani, ba ya ƙaruwa, ba guda-guda, kuma daga 'yan sa'o'i zuwa kwana biyu ko uku ya tafi.

Duk da haka ɗigo ba shaidar ciki ba ne. Allurar tazarar haihuwa da ƙwayarta suna kawo shi, yawancin masu ciki kuma ba su ganinsa sam. Kada ki yi gaggawar gwaji, don sinadarin cikin bai taru a fitsari ba tukuna. Bari ranar al'ada ta wuce, ki sayi tsinken gwaji a kantin magani, ki gwada da fitsarin asuba. In layi ɗaya ya fito, wato bai nuna ciki ba, kuma al'ada shiru, sake gwadawa bayan kwana uku.

Idan jinin ya zo da ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko jiri, ko ciwon kafaɗa, ko kina jiƙa auduga duk awa, babu sauran lissafi. Yana iya zama ɓari ko cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Ki tafi asibitin Mamobi ko wanda ya fi kusa nan take, ko da tsakar dare ne.