Kayan Sallah da goron Sallah: inda ake kuskure wajen raba wa yara

Yawancin rigimar yara da safiyar Sallah tun a kasuwa ake shuka ta, ranar da maigida ya haɗa abu biyu da bai kamata a haɗa su ba. Kayan Sallah, wato ɗinki da takalmi da hula ko ɗankwali, buƙata ce, kowane yaro da girman jikinsa. Goron Sallah kuwa kyauta ce zalla. Malamai sun bambanta su tun tuni: ciyarwa da tufatarwa ana yin su gwargwadon buƙatar kowane ɗa, kyauta kuma ana daidaita ta. Hujjarsu hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ne da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida, ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Da an raba lissafin nan gida biyu, rabin matsalar ta kau.

Mu ɗauki gida ɗaya a Agege da ke Legas, mai mata biyu da yara shida. Uwargida tana da saurayi ɗan shekara 16, da budurwa 'yar 13, da yaro ɗan 9. Amarya tana da 'yar 7 da auta ɗan 3. Akwai kuma 'yar ƙanen maigida mai shekara 11 da aka kawo riƙo daga Arewa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a yanka wa kowane yaro kuɗin tufa iri ɗaya, a ce an yi adalci. Ɗan shekara 16 yana cin yadi 4 na shadda kafin a fitar masa da riga da wando, ɗan 9 yadi 3, auta bai wuce yadi 2 ba. A ce yadin naira 4,000 ne, na babban ya tashi 16,000, na auta 8,000. In aka yanka wa kowa 10,000, auta zai samu shadda mai maiƙo har da canji, babban kuma dole a sauko masa zuwa yadin 2,500, wanda wanki ɗaya yake kashe shi. Shi ne kuma wanda zai tsaya a filin Idi cikin sa'o'insa, shi ne ya san bambancin yadi da ido. Gyaran shi ne a daidaita daraja da adadi, a bar kuɗin ya faɗi inda ya faɗi. A sayi yadi 10 na shadda ɗaya a yanka wa mazan uku, ragowar yadi guda ya zauna don gyara. 'Yan matan kuma turmi biyu na atamfa, yadi 12 ke nan: 4 ga 'yar 13, 4 ga 'yar 11, 3 ga 'yar 7, ɗayan a fitar da ɗankwali. A Balogun ko Oshodi sayen turmi cikakke ya fi sauƙi a kan yanke-yanke, kuma yana rufe bakin mai cewa ta wancan ɗakin ta fi tsada.

Adadi ma abin lura ne, domin ƙaramin yaro bai san farashi ba, ƙirga yake yi. In Yaya ta samu kala biyu, kowa kala biyu. In aljihu bai kai ba, kowa kala ɗaya, ya fi a yi wa wasu biyu wasu ɗaya. Haka takalmi: kada a saya wa manya sabo a ce ɗan tsakiya ya sa wanda yayansa ya bari. Gadon kaya ba laifi ba ne a sauran ranakun shekara, amma ɗan 9 ɗin nan shi ne kullum yake faɗawa rami, bai kai a yi shawara da shi ba, ya kuma wuce a lallashe shi da alawa. Idan dole sai an shiga gwanjo a Katangua, to a shiga da ƙafar kowa, kada a ware mutum ɗaya.

Sai tela. Mutane suna kai ɗinkin manya da wuri saboda aiki a wuya, na ƙanana a bari sai goman ƙarshe na azumi da tunanin ba ya cin lokaci. Tela kuwa a daren Sallah babban ɗinki mai kuɗi yake fara gamawa, na yara shi ake turawa ƙarƙashin keke. An saya wa kowa daidai, amma da safe mutum biyar sun yi ado, ɗaya yana kuka da tsohuwar riga, kuma a wurinsa an ƙi shi ne kawai. A kai ɗinkin yara duka rana ɗaya, kafin azumi ya kai goma, a gaya wa tela ranar karɓa da ta riga Sallah da mako guda, kada kuma a karɓi na wasu a bar na wasu. In an karɓo a ɓoye a akwati, a fito da su lokaci ɗaya.

Goron Sallah shi ya fi wuya, don a nan ne hankali yake cewa ɗan 16 da ɗan 3 ba za su karɓi abu ɗaya ba. Gaskiya ne buƙatarsu ba ɗaya ba ce, sai dai in uba ya miƙa wa wannan 5,000 ya miƙa wa wancan 500 a gaban juna ba tare da dalili ba, na tsakiya za su fara auna matsayinsu da naira. Abin da ya fi zama lafiya shi ne a raba kuɗin kashi biyu. A ce maigida ya ware 20,000. Goro naira 2,000 ga kowane kai, mace da namiji, 12,000 ke nan. Akwai malaman da suka ce a ba namiji ninkin mace kamar rabon gado, amma mafi yawa sun tafi a kan daidaitawa, kuma a gida mai yara ƙanana shi ya fi sauƙin bayani. Daga 8,000 da ta rage sai a fitar da kuɗin yawon Sallah ga masu fita da ƙafarsu: 3,000 ga babban da zai hau mota zuwa Idi-Araba ko Mile 12 gaida dangi, 1,500 ga 'yar 13, 1,500 ga 'yar 11. Saura 2,000 na yaran maƙwabta da za su yi sallama. Idan ɗan 9 ya ce, "Baba, me ya sa aka ƙara wa Yaya?", amsar a shirye take: kuɗin mota ne, kai ma ranar da ka fara fita kai kaɗai za ka karɓa. Sharaɗin kawai shi ne a cika alkawarin in shekarar ta zo, domin yara ba sa manta irin wannan.

A lura da yadda aka ƙirga: kai-kai, ba ɗaki-ɗaki ba. Maigidan da ya ba kowace mata 6,000 ta raba wa 'ya'yanta yana ganin ya yi adalci tsakanin matansa, alhali 'ya'yan uwargida sun tashi da 2,000 kowanne, na amarya da 3,000. 'Yar riƙo kuma ta faɗa tsakani, kowane ɗaki yana jiran ɗayan ya tuna da ita. Uba ya tara su a falo bayan an sauko Idi, ya miƙa da hannunsa, daga babba zuwa ƙarami, ita ma a layin shekarunta. Ba a cewa "ga naki ke ma" a ƙarshe kamar an tuna da baƙuwa.

Takardar kuɗin kanta tana haddasa faɗa. 'Yar 7 da aka ba 'yan dubu-dubu guda biyu za ta ga auta da 'yan ɗari bibbiyu guda goma ta rantse an cuce ta. A ba kowa iri ɗaya: 'yan ɗari biyar guda huɗu-huɗu, takarda 24 ke nan, kuma ko duk sababbi ko duk tsofaffi. A nemi canjin tun saura mako biyu, a banki ko wurin mai shagon da ake ciniki da shi, saboda ana gobe Sallah masu POS layi ne da ƙarin caji, galibi kuma 'yan dubu kawai ke hannunsu. Wanda ya ga ƙarancin takardar kuɗi na farkon 2023 ba sai an ja masa kunne ba. Sayen sababbin kuɗi a hannun masu talla a bakin titi kuwa, ban da asarar da ke ciki, dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana cinikin takardar naira. Kada kuma a ce babban tunda yana da waya za a tura masa ta asusu. Abin da ƙannensa ba su gani ba za su ƙiyasta shi da yawa, shi kuma zai tsaya hannu wofi lokacin da kowa ke ƙirga nasa.

Baƙi suna da nasu kuskuren. Kawu zai zo, ya zaro 5,000 ya danƙa wa babban ya ce, "Ku raba da ƙannenka." Naira 5,000 ba ta rabuwa shida cif, kuma an mai da yaro alƙali a shari'ar da yake da rabo a ciki. Uwar gidan ta karɓa a gaban kawun da fara'a, a ba kowa 800, ragowar 200 ta shiga gwangwanin gida. Gwangwanin nan yana maganin wata matsalar ma: auta mai kumatu shi baƙi suke cika wa aljihu, ɗan 16 kuwa an ce ya girma. Abin da baƙo ya ba yaro da sunansa nasa ne, ba a ƙwace a raba, amma iyaye suna iya cike wa wanda aka tsallake daga gwangwanin da yamma.

Akwai kuma "kawo in ajiye maka", wanda kowa ya san inda yake ƙarewa: kuɗin cefane. Ɓarnar a nan ita ce ƙanana kaɗai ake yi wa, babban ba ya bayarwa, don haka rabon da aka yi daidai da safe ya karkace kafin Magariba. In za a ajiye, a rubuta a bayan littafi sunan yaro da adadin a gabansa, ko a saya wa kowa asusun ƙasa ko na katako. In an ci bashi a ciki, a faɗa masa, a sa ranar biya.

Kayan wasa ba sa son dogon lissafi. Masu kusancin shekaru, kamar 'yar 7 da ɗan 9, a saya musu abu mai girma ɗaya a rumfa ɗaya, in jinsinsu ɗaya ne ma iri ɗaya sak, bambancin launi kawai. Wa auta a guji duk abin da ke da ƙananan ɓangarori ko batir mai kamar maɓalli, domin ɗan 3 baki yake kai komai, haɗiye irin batirin nan kuma yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i. Bindigar roba mai harsashi ma a bar ta a kasuwa, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya idon ɗan maƙwabci take samu. Manyan biyu kuwa kada a zaɓa musu, a faɗa musu iyakar kuɗin, a tafi da su kasuwa ko su aiko da hoton abin da suke so tun kafin a fita.