Darasi na Bakwai: Yadda Ake Ɗaga Buhu Ba a Ji wa Baya Ciwo Ba

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne jere, ɗaya bisa ɗaya, kuma a tsakaninsu akwai faifan guringuntsi mai taushi a ciki, kamar ƙaramin matashi. Ƙasusuwa 5 na ƙasa, wajen kwankwaso, su ne suka fi shan nauyi. Idan mutum ya sunkuya ya lanƙwasa bayansa kamar baka, gaban faifan yakan matse, abin da ke cikinsa ya turu baya, inda jijiyoyin da ke sauka ƙafa suke. Yau da gobe bangon faifan ya tsage.

Ba nauyin kaya kaɗai ke yin ɓarna ba, nisansa da jiki ma yana yi. Tsokar baya tana ja ne daga wuri mai kusa da ƙashin, kimanin santimita 5. Saboda haka idan ka riƙe kaya mai kilo 25 a nisan santimita 50 daga ƙashin bayanka, sai tsokar ta yi ja irin na kilo 250, ban da nauyin gangar jikinka. Jawo kayan zuwa santimita 25, jan ya ragu da rabi. Shi ya sa buhun da aka rungume ya fi wanda aka miƙa hannu aka ciccibo sauƙi, alhali buhu ɗaya ne.

Kafin ka taɓa buhu, koyi lanƙwasa ƙugu. Samo sanda miƙaƙƙiya, ka ɗora ta a gadon bayanka ta taɓa wuri uku: ƙeya, tsakanin kafaɗu, da saman ɗuwawu. Sassauta gwiwa, ka tura ɗuwawu baya kamar mai neman kujera. Ƙirji zai yi gaba da kansa. In sandar ta rabu da ɗaya daga wuraren nan uku, bayanka ne ya lanƙwashe, ba ƙugu ba. Maimaita sau 10. In ka ji bayan cinyarka yana ja, kana kan daidai.

To, ga buhun siminti mai kilo 50 kwance a ƙasa. Gaskiya wannan kayan mutum biyu ne, ko na baro. Ƙa'idar da cibiyar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta fitar ta tsaya ne a kilo 23, shi ma sai kayan na kusa da jiki kuma yanayi ya yi kyau. Amma tun da aiki yakan tilasta, ga hanyar da ta fi rage haɗari.

Fara ɗaga kunnen buhun kaɗan don ka ji nauyinsa, ka kuma duba hanyar da za ka bi. Tsaya a kansa, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, ɗaya gaba kaɗan. Tura ƙugu baya, ka sauka da gwiwa, ka tayar da buhun tsaye a tsakanin ƙafafunka. Kada ka ɗauke shi daga kwance kai tsaye. Yanzu sa hannu ɗaya a ƙarƙashin kusurwar ƙasa, ɗayan a kusurwar sama ta wancan gefen. Ja numfashi, ka ɗaure ciki kamar wanda za a naushe shi, sannan ka jawo buhun bisa cinyarka. Nan ne zangon farko. Gyara riƙo, ka rungume shi a ƙirji, ka danna ƙasa da dukan tafin ƙafa, ka miƙe a hankali kana sakin numfashi. Ban da fizga.

Lura da abu ɗaya a lokacin miƙewa: ƙugu da ƙirji su tashi tare. In ɗuwawu ya riga tashi, gwiwa ta miƙe buhu yana ƙasa, to aikin ya koma kan baya. Haka nan in diddige ya ɗaga, nauyi ya rinjaye ka gaba.

Wurin juyawa ma ana jin ciwo sosai, musamman wajen loda mota. Ƙafa tana kafe, mutum ya murɗa gangar jiki ya wurga buhu gefe. Faifai ba ya son lanƙwasa da murɗa a haɗe. Taka ƙafa ka juya gaba ɗaya, cibiya da yatsun ƙafa su kalli wuri guda. Saukewa kuwa ɗagawa ce a juye: ƙugu baya, buhu bisa cinya, sannan ƙasa. Idan ku biyu ne, ɗaya ya ƙirga "ɗaya, biyu, uku" ku tashi tare.

Ciwon tsoka yakan tsaya a kwankwaso, kuma yawanci yana sauƙi cikin 'yan makonni. Yin tafiya kaɗan-kaɗan ya fi kwanciya wuni guda. Amma ciwon da ke sauka ta ɗuwawu har ƙasan gwiwa, da mutuwar ƙafa ko jan ta a ƙasa, alama ce jijiya ta matsu, sai likita ya duba. In kuwa fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suka riƙa kuɓucewa, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, a tafi asibiti nan take.