Tsanin Kalmomi: Kurakuran da Ke Tsawaita Hanya

Ƙa'idar wasan ba ta da yawa. Za a ba ka kalmomi biyu masu tsawo ɗaya, ka tashi daga ta farko ka isa ta biyu kana sauya harafi ɗaya tak a kowane taki, kuma duk inda ka taka dole ta zama kalma mai ma'ana. Marubucin nan ɗan Ingila Lewis Carroll ne ya ƙirƙiro shi a 1877, mujallar Vanity Fair ta fara buga shi a 1879. Samun hanya ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce tabbatar da cewa babu wadda ta fi taka gajarta.

Kuskuren farko shi ne fara tafiya ba tare da ƙirga bambanci ba. Rubuta kalmomin biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ka ƙirga guraben da suka saɓa. Tsakanin DARE da RANA gurabe uku ne, don haka ba za a taɓa yin ƙasa da taki uku ba. DARE, DARA, RARA, RANA taki uku ne cif, ka ga ke nan an gama, ba sauran nema. Wanda bai ƙirga ba yakan samu taki biyar ya yi murna, ko kuma ya ɓata dare yana neman biyu. A ƙirga sauyi, ba kalmomi ba, domin kalmomi huɗu taki uku ne.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne riƙe harafin da ya riga ya dace kamar gadon uba. Ɗauki RUWA zuwa WUTA. Gurabe biyu ne kawai suka saɓa, sai mutum ya ɗauka abin wasan yara ne. Amma hanyar taki biyu dole ta bi ta RUTA ko WUWA, kuma babu ɗayansu a Hausa. A nan ne ake makalewa, ana ta juya baƙaƙen nan biyu alhali mafita tana wajen wasalin. Saki U ɗin: RUWA, RAWA, WAWA, WATA, WUTA. Taki huɗu. Duk harafin da ka saki bayan ya dace zai ci maka taki biyu, na fita da na dawowa, don haka a sake shi ne kawai bayan an ga hanyar kai-tsaye ta toshe.

To ta yaya za a san huɗun ne mafi ƙaranci? Ba ta bin hanya ɗaya har ƙarshenta ba, wanda shi ma kuskure ne. A yi aiki daga ɓangarorin biyu. A dama, rubuta duk maƙwabtan RUWA, wato kalmomin da harafi ɗaya ya raba su da ita: KUWA, ZUWA, RAWA, RUGA, RUFA, RURA, RUSA, RUƁA, RUƊA. A hagu, na WUTA: BUTA, CUTA, HUTA, WATA, WUYA, WUƘA. Da kalma ɗaya ta fito a jerin biyu, da taki biyu ne. Da wata ta dama tana maƙwabtaka da wata ta hagu, da taki uku ne. A waɗannan jerin babu ko ɗaya, saboda haka huɗu ya tsaya. A faɗaɗa gajeren jerin tukuna, ya fi sauƙin aiki, kuma a soke duk kalmar da aka riga aka taka, domin komawa kanta zagaye ne kawai.

Sai dai akwai inda gardama ke tashi. Wanda a karin harshensa ake cewa wura wuta maimakon hura zai kawo RUWA, RURA, WURA, WUTA, ya ce uku ne, kuma bai yi ƙarya ba. Gajartar hanya ta dogara ne da kalmomin da aka yarda da su. Shi ya sa tun kafin a fara ake tsayar da ƙamus ɗaya, a kuma yanke ko za a karɓi kare-karen harshe da sunayen mutane.

Haruffa masu lanƙwasa ma sai an yi hattara. Ɗ daban, D daban, don haka DARE zuwa ƊARI sauyi biyu ne, ko da wayarka ba ta nuna lanƙwasar. GARI na zama da GARI na tuwo kuwa ba taki ba ne, tunda rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Juya haruffa, kamar KAFA ta koma FAKA, ba ya cikin wasan. SH da TS kuma a daidaita a kansu tun farko: idan TS harafi ɗaya ce, TSAYA maƙwabciyar KAYA ce, idan biyu ce, tsawonsu ma bai zo ɗaya ba.