Yadda ake shirya jawabi kan ƙasa mai rai a ƙungiyar matasa manoma ta makaranta

Idan ƙungiyar matasa manoma ta makarantarku ta ɗora maka nauyin yin jawabi a kan ƙasa mai rai, kada ka fara da biro da takarda. Fara da fartanya da bokiti. Yawancin waɗanda za su saurare ka a Argungu ko Jega ko Bunza 'ya'yan manoma ne, sun sha jin cewa gonar wane ta gaji, ta wane kuma tana da ƙarfi. Abin da ba a taɓa nuna musu ba shi ne abin da ke cikin ƙasar da ya kawo wannan bambanci. Aikin jawabinka ke nan, kuma minti goma sun ishe ka idan ka zo da kayan da za su yi rabin maganar.

Mataki na farko, ka tsayar da magana guda wadda kowa zai iya maimaita wa mahaifinsa da daddare. Ga wadda nake ba ɗalibai shawara: halittun da ke cikin ƙasa su ne ke buɗe wa ruwa hanya, su ne kuma ke sarrafa taki ya zama abincin shuka. Ruwa da taki, shi ke nan. Duk abin da bai shafi waɗannan biyu ba, ajiye shi sai wani taron.

Mataki na biyu shi ne ɗebo ƙasa, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokacinka, domin nan jawabin yake gyaruwa ko ya lalace. Mako guda kafin taro, ka ɗauko dunƙulen ƙasa daga wuri biyu. Na farko daga inda ganye da kashin dabbobi suka daɗe suna ruɓewa, kamar gindin gawo ko gefen turken shanu na shekarun baya. Na biyu daga tsakiyar gonar da ake kwashe kara kakaf a kowace kaka, a ƙone saura. Kowane dunƙule ya kai girman ƙwan kaza, daga saman ƙasa, kada ka zurfafa fiye da tsawon yatsa. Ka shanya su a inuwa har su bushe sarai.

Sharaɗin da ba a karya shi: ƙasar biyu ta zama iri ɗaya. Kada ka haɗa lakar fadama da rairayin jigawa, domin wani dattijo zai miƙe ya ce maka ai dama laka ta fi rairayi danƙo, kuma gaskiyarsa. A nemi wurare biyu cikin fili guda, waɗanda kulawa ce kaɗai ta bambanta su.

Ranar taro ka cika kofunan gilashi biyu ko robobin ruwa da aka yanke wa kai. Ka lanƙwasa guntun ragar waya a bakin kowanne, yadda dunƙulen zai zauna cikin ruwa bai nutse ƙasa ba. Ka kira ɗalibai biyu su sa dunƙulen a lokaci guda, kai kuma ka yi shiru na minti ɗaya. Galibi na gonar da aka tsotse zai zube kamar an taɓa shi, ruwan ya gurɓace. Na gindin gawo zai jiƙe, ya fitar da 'yan kumfa, amma ya riƙe jikinsa. Sai a nan ka buɗe baki:

“Malam shugaban makaranta, malamaina, iyayenmu da 'yan uwana ɗalibai, assalamu alaikum. Waɗannan dunƙule biyu daga fili ɗaya na ɗebo su. Abin da ya riƙe wannan bai zube ba shi ne ƙananan saiwoyi, da wasu zaruruwa farare masu kama da saƙar gizo-gizo, 'yan uwan naman kaza, da danƙon da ƙwayoyin halitta ke fitarwa idan suna cin ruɓaɓɓen ganye. Wancan kuma babu abincin da aka bar musu, sai suka ƙare. Abin da kuka gani a kofi shi ke faruwa a gona ranar ruwan farko. Saman ƙasa ya narke, ya toshe ƙofofin ruwa, rana ta fito ya bushe ya zama fako. Ruwa na biyu ba zai shiga ba, sai ya bi gangare ya tafi da takin da Baba ya saya.”

Idan ƙasarku rairayi ce da ba ta dunƙulewa ko kaɗan, wannan gwaji ba zai yi ba. Sai ka fitar da jama'a fili. Ka samo manyan gwangwanayen tumatir biyu, ka yanke gindinsu, ka kafa ɗaya a kan fako, ɗaya a inda kara ya rufe ƙasa, zurfin kamar santimita 5. A zuba kofi guda na ruwa a kowanne, a duba agogo. Amma ka sani, rairayi tsantsa yana shanye ruwa da sauri ko da babu rai a cikinsa, matsalarsa ita ce ba ya riƙe ruwan. Saboda haka saurin shanyewa kaɗai ba hujja ba ne. Washegari a tona wuraren biyu a ga inda danshi ya yi saura.

Mataki na uku, maganar taki. Ka zo da tushen wake ko gyaɗa wanda ya yi mako shida zuwa lokacin fure. A haƙo shi da ƙasarsa, kada a fizge, a wanke saiwar a hankali cikin bokiti. Za a ga 'yan ƙulle-ƙulle manne a jikinta. Ka tsaga guda da reza, ka zagaya da shi. Idan cikinsa ja-ja ne ko ruwan hoda, ƙwayoyin bakteriya na ciki suna aiki: suna kama sinadarin naitirojin daga iska suna ba shuka, ita kuma tana ba su sukari. Idan fari ne, bai soma aiki ba ko kuwa ba ya yi. Idan ya koma kore ko ruwan ƙasa, ya tsufa. In taron ya faɗo da rani, ka shuka wake a bokiti da ƙasar gona mako shida kafin ranar, ko ka roƙi tushe ɗaya wajen masu noman rani.

Wannan naitirojin ɗin shi ne ake saye a buhun yuriya. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Kuma ga abin da ke ba mutane mamaki: kafin shinkafa ko masara ta ci moriyar yuriyar sosai, sai ƙwayoyin halittar ƙasa sun juya ta zuwa nau'in da saiwa ke sha. Bayan nan, ruɓaɓɓen abu mai duhu da ke cikin ƙasa da laka su ne ke riƙe abincin har shuka ta buƙace shi. Zuba takin zamani a jigawar da babu ruɓaɓɓen abu kamar ɗiban ruwa ne da kwando. Ƙara musu da cewa yuriyar da aka watsa a sama cikin zafin rana, wani kasonta yana tashi ya bi iska, shi ya sa ake binne ta a gefen shuka lokacin da ƙasa ke da danshi.

A nan zan ja kunnenka. Kada ka kushe takin zamani. Manomin shinkafa a fadamar Argungu ko mai albasa a Aliero ya san abin da buhu guda ke ƙara masa, kuma ranar da ka ce masa guba ne, ya daina sauraronka. Abin da ka zo faɗa shi ne yadda kuɗin takin zai zauna a gona: takin gargajiya a ƙasa, na zamani a kansa.

Mataki na huɗu, ka shirya wa tambayoyi, don za su zo. Wani uba zai ce: “Yaro, karan nan da kake cewa a bari, me shanu za su ci, da me za mu yi danga?” Tambaya ce ta gaskiya, kada ka yi gardama. Ka ce: “Baba, a ɗebi na dabbobi da na danga. Ragowar ce muke roƙo kada a sa mata wuta, kuma kashin dabbobin da suka ci karan ya dawo gonar da karan ya fito.” Ka bayyana cewa toka tana da amfaninta, akwai sinadarin fotash a ciki, amma naitirojin ɗin da ke cikin kara yana bin hayaƙi, abincin halittun ƙasa kuma ya ƙone.

Wani zai kawo maganar gara. Gara tana ɓarna, musamman ga shukar da fari ya raunana, babu musu. Amma ita ce kuma ke huda fako. A Yatenga ta ƙasar Burkina Faso, manomi Yacouba Sawadogo ya yi suna da ramukan da ake kira zai, waɗanda makwabtanmu na yankin Tawa a Nijar ke kira tassa. Da rani ake haƙa rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30 a kan fako, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta biyo takin, ta fasa hanyoyi a ƙarƙashi, ruwan damina ya taru ya bi hanyoyin, a shuka gero ko dawa a ramin. Ka kuma tuna musu cewa a jigawa ba kasafai ake ganin tana ba sai damina ta yi nisa, don haka rashin ganinta da rani ba ya nufin ƙasa ta mutu. Ƙuduji da ya mamaye dawa ya fi zama alamar gona ta gaji.

Mataki na ƙarshe, kada ka rufe jawabin da roƙon a kula da ƙasa. Ka rufe da aikin da za a fara a makon. A ware kunya goma a gonar makaranta, a raba gida biyu. Biyar a share su ƙal kamar yadda aka saba, biyar a zuba musu ruɓaɓɓen taki a rufe da kara. Ruɓaɓɓe nake nufi, wanda ya huce, ya yi duhu, yana ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa, domin ɗanyen taki yana ƙona tsiro kuma yana kawo irin ciyawa. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, takin zamani daidai wa daida. A kowane ɓangare a binne ƙyallen auduga zalla, zurfin tafin hannu, a kafa tsinke a wurin. Bayan mako shida zuwa takwas na damina a tono su: wanda aka fi cinyewa, nan rai ya fi yawa. Tsumman roba ba ya ruɓewa, a duba da kyau kafin a binne.

Ka gaya musu tun yanzu cewa a shekarar farko mai yiwuwa bambancin amfani ya zama kaɗan, domin ƙasar da aka shekara goma ana tsotsa ba ta farfaɗowa a damina guda. A naɗa ɗalibi ɗaya mai littafi, ya rubuta ranar shuka, da ranar kowane ruwa, da ɓangaren da ya fara yaushi idan ruwa ya ɗauke, da kwano nawa aka auna daga kowane ɓangare a kaka. Ranar Ƙasa ta Duniya 5 ga Disamba ce, ta zo daidai bayan girbi. A sa ranar ta zama ta karanta littafin a gaban iyaye.